Yadda ake yanka jawabi zuwa katunan magana ba tare da an yi wa mai jawabin ƙage ba

Jerin katunan magana shi ne hotunan nan da ake ɗorawa a jere cikin saƙo ɗaya a Instagram ko Facebook, mai karatu yana shafawa da yatsa daga wannan zuwa wancan, kowane kati ɗauke da jimla ɗaya ko biyu daga bakin wani. Haɗa shi a waya ba ya cin awa guda. Inda aikin yake shi ne zaɓen jimlolin da rubuta sunan mai su, domin kati ba ya zama inda ka ajiye shi. Wani zai ɗauki hoton kati na 4 kaɗai ya sa a sitatus ɗinsa na WhatsApp, wani ya kwafa daga can ya tura zauren 'yan unguwa, kuma duk bayanin da ka rubuta a ƙasan saƙonka ba zai bi shi ba. Saboda haka ƙa'idar da za ta bi mu har ƙarshen wannan jagora ita ce: kowane kati ya zama gaskiya ko da shi kaɗai aka gani, jerin kuma gaba ɗaya ya yi kama da jawabin da aka ciro shi.

Za mu yi aikin da jawabi guda, wanda ake yawan yankawa duk shekara: jawabin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar a filin sukuwa na Legas ranar 1 ga Oktoban 1960, lokacin da ya karɓi takardun 'yancin kan Najeriya daga hannun Gimbiya Alexandra, wadda ta wakilci Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Da Turanci ya yi shi, don haka duk abin da za ka gani a nan cikin alamar zancen wani fassarata ce, kuma wannan ma wani abu ne da za mu zo kansa.

Ka fara da jawabin, ba da katin wani ba

Mafi yawan kurakurai tun daga tushe suke shigowa. Mutum ya ga jimla mai daɗi a hoton da wani shafi ya haɗa, sai ya kwafa ya canja mata launi. Idan wancan ya yi kuskure, kai ma ka gada, har ka ƙara masa tambarinka. Nemi cikakken rubutun jawabin, daga gaisuwa har rufewa. Idan ka samu a wurare biyu da ba kwafar juna suka yi ba, ka gwada su. Idan akwai murya ko bidiyo, ka saurara da rubutun a gabanka, domin abin da aka raba wa 'yan jarida kafin taro ba koyaushe ne yake daidai da abin da mai jawabi ya furta a kan mumbari ba. Wani yakan tsallake sakin layi, wani yakan ƙara abin da ba ya cikin takarda. Inda suka saɓa, abin da ya fito daga baki shi ne maganarsa a taron. Abin da yake takarda kaɗai sai ka kira shi "rubutaccen jawabi".

Ga tsofaffin jawabai irin na 1960, bidiyon da ake samu galibi guntaye ne na labarun lokacin. Ba laifi. Ka yi amfani da guntun wajen tabbatar da jimlolin da suka fito a ciki, sauran kuma ka dogara da rubutun.

Kafin ka ja layi a ƙarƙashin ko jimla ɗaya, karanta jawabin duka, sannan ka rubuta wa kanka a layi 2 ko 3 abin da mutumin yake cewa. Na Tafawa Ɓalewa yana tafiya ne kamar haka: murnar zuwan ranar bayan dogon jira, kare matakin da aka bi a hankali har aka iso, gargaɗin cewa 'yanci ya zo da nauyin shiga al'amuran duniya, sai doguwar godiya, ciki har da ta Turawan mulkin mallaka da masu aikin mishan. Wannan taƙaitawar ita ce ma'auninka. Idan ka gama zaɓe ka ga duk katunanka daga kashi ɗaya suka fito, to ba jawabin ka kawo ba, ra'ayinka ka kawo da muryarsa.

Zaɓen jimloli

Instagram yana karɓar hotuna har 20 a saƙo ɗaya, amma ba dole ka cika ba. Ga jawabi mai wannan tsawon, jimloli 5 ko 6 sun isa, ka ƙara katin buɗewa da na rufewa. Ka fara da ware kamar 10, sannan ka tace su da tambayoyi guda biyu. Shin wanda bai karanta jawabin ba zai gane jimlar ita kaɗai? Shin idan mai jawabin ya ga katin zai ce e, abin da nake nufi ke nan?

Ga wadda ta tsallake duka biyun ba tare da gardama ba, daga farkon jawabin: "Yau ce Ranar 'Yancin Kai. 1 ga Oktoban 1960 rana ce da kowane ɗan Najeriya ya shekara biyu yana ɗokin zuwanta." Tana ɗauke da ranarta a cikinta, ba ta jingina da abin da ya gabata ba. Shekara biyun kuwa tana da dalili: a taron tsarin mulki na Landan a 1958 aka tsayar da ranar.

Ga kuma wadda ta faɗi a tambaya ta farko. A sakin layi na gaba ya ce kalmomi ba za su iya bayyana farin cikinsa da alfaharinsa ba, da ya zama ɗan Najeriyar da aka ba damar karɓar takardun tsarin mulki daga hannun Mai Martaba. Jimla ce mai taɓa zuciya, amma wanda ya gan ta a kati zai ɗauka Sarauniyar Ingila ake nufi, alhali Sarauniya ba ta zo Legas a ranar ba. Ko dai ka sa sunan Gimbiya Alexandra cikin baka biyu masu kusurwa, alamar cewa kai ka ƙara, ko ka bar jimlar. Ni barinta nake yi. Kati ba ya son jimlar da sai an yi mata bayani kafin ta tsaya.

Ta uku tana buƙatar abokiyar tafiya. Ya ce: "Wannan rana ce mai ban ƙaye, kuma abin da ya ƙara mata armashi shi ne mun jira ta har haƙurinmu ya soma ƙarewa, ala tilas muna kallon ƙasashe ɗaya bayan ɗaya suna wuce mu a hanya, alhali saura ƙiris mu kai." Mutanen da suke filin sun san waɗanda yake nufi. Ghana ta samu nata a 1957, Gini a 1958, kuma a cikin 1960 ɗin kanta Kamaru ta riga a Janairu, Nijar da Chadi a Agusta. Idan ka tsaya a nan, katin zai fito kamar ƙorafi ne a kan jinkirin Turawa. Amma jimlar da ta biyo baya ta juya akalar: ya ce ya tabbata tarihi zai nuna cewa an gina ƙasar da takun da ya fi hikima, kuma yanzu Najeriya tana tsaye daram a kan harsashi mai ƙarfi. Wato ya ambaci ƙaguwar ne don ya ce jiran ya yi amfani. Irin waɗannan jimloli biyu sai ka jera su kati na 3 da na 4, ɗaya na bin ɗaya, ka kuma sa ƙaramin rubutu a ƙasan na farkon cewa maganar ta ci gaba a kati na gaba. In ba za ka iya ba su wuri biyu ba, gara ka ɗauki ta biyun ita kaɗai, domin ita ce matsayarsa.

Yanzu ga wadda ta fi kowace jarraba mai haɗa kati. Kusa da ƙarshe ya ce: "Muna godiya ga jami'an Birtaniya waɗanda muka sani, da farko a matsayin iyayen gida, daga baya a matsayin jagorori, daga ƙarshe a matsayin abokan aiki, amma a koyaushe a matsayin abokai." Akwai hanyoyi biyu na cutar wannan jimla. Ta farko ita ce ka cire ta gaba ɗaya saboda ba ta yi daidai da yadda muke son jin shugabanninmu na farko suna magana a kan mulkin mallaka ba. Ta biyu ita ce ka datse ta a "iyayen gida", ka sa ta da manyan haruffa, ka bar masu sharhi su yi ta zagi. Dukansu biyu ƙage ne, ɗaya na ƙauna, ɗaya na ƙiyayya. Godiya ta ci babban kaso na jawabin, kuma an gina jimlar ne hawa-hawa don ta sauka a kan kalmar ƙarshe. Ko dai ta fito da matakanta huɗu cif, ko kada ta fito. A ganina ya kamata ta fito, domin jerin da babu ita ya nuna wani jawabi ne daban da wanda aka yi a Legas.

Ɗigo uku ba lasisin sata ba ne

Jimlar rufewa ita ce wadda kowa yake so a katin ƙarshe: "Ina buɗe sabon babi a tarihin Najeriya, da na ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kai har ma da na duniya." Sai dai ba daga nan ta fara ba. Cikakkiyarta tana cewa da kalmomin addu'ar Allah ya kare Sarauniyarmu yake buɗe wannan sabon babin. A lokacin ba abin mamaki ba ne, domin Sarauniya ta ci gaba da zama shugabar ƙasa a tsarin mulki har zuwa 1 ga Oktoban 1963, ranar da Najeriya ta zama jamhuriya.

To ya za ka yi? Doka mai sauƙi ita ce: ɗigo uku suna halatta cire abin da bai canja ma'ana ba, kamar maimaici ko jerin sunayen manyan baƙi. Ba sa halatta cire sharaɗi, ko "amma", ko "idan", ko wanda aka yi maganar dominsa. A nan abin da aka cire bai juya ma'anar buɗe sabon babi ba, amma ya ɓoye wani abu game da irin 'yancin da aka karɓa a ranar. Kana da zaɓi biyu masu tsabta. Ka kawo jimlar duka, wanda shi na fi so, tunda ba ta yi tsawon da za ta gagari kati ba. Ko ka fara katin da ɗigo uku don mai karatu ya san an yanke kai, sannan ka kawo cikakkiyar a bayanin ƙasan saƙo. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka fara ta da babban harafi, ka rufe da aya, kamar haka ta fito daga bakinsa.

Kada kuma ka ɗinke jimloli biyu daga wurare masu nisa ka haɗa su da ɗigo uku. Idan sakin layi daban suke, kati daban za su hau. Tsarin katunan ma ya bi tsarin jawabin. Idan ka ɗauko godiyar Turawa daga ƙarshe ka sa ta a kati na 2, ka mayar da ita kan gaba a maganarsa, alhali shi ba a nan ya ajiye ta ba.

Fassara

Da zarar ka juya jawabin Turanci zuwa Hausa, kalmomin da suke cikin alamar zancen wani naka ne, ma'anar ce tasa. Dole katin ya faɗi haka. Kalmomi uku sun wadatar: "fassara daga Turanci". Tafawa Ɓalewa mutumin Bauchi ne mai jin Hausa kamar kowa, saboda haka wanda ya ga maganarsa da Hausa zai ɗauka kai tsaye da Hausar ya faɗe ta, har wani ya kafa hujja da zaɓen kalmar da ba shi ya zaɓa ba.

Jarabar mai fassara ita ce ƙawata magana. Akwai inda ya ce a wannan zamani na saurin sadarwa ba za mu iya zama a keɓe daga sauran duniya ba, ko da mun so. Hannu zai yi ƙaiƙayin rubuta "saniyar ware", domin ta fi daɗin baki. Amma saniyar ware wadda aka ƙi ce, aka kore ta daga garke, shi kuwa magana yake a kan ƙasar da za ta zaɓi ta rufe ƙofarta da kanta. Ka bar ta a "zama a keɓe". Karin magana ko salon da mai jawabi bai yi ba, kada ka ara masa.

Wani wurin kuma Hausar ce take haɗe abin da ya raba. Ya ce ta bayyana cewa a wurinmu 'yancin kai ya zarce mulkin kai nesa ba kusa ba. A bakin mutane "samun 'yancin kai" da "samun mulkin kai" abu ɗaya ne, don haka katin zai iya fitowa kamar zance marar kai. Shi kuwa yana bambanta gudanar da harkokin cikin gida, wanda yankuna suka riga suka samu kafin 1960, da tsayawa a matsayin ƙasa a gaban sauran ƙasashe. Maganin shi ne ka fassara na biyun da "tafiyar da harkokinmu na cikin gida", ko ka haɗa jimlar da wadda take biye da ita, inda ya ce dole ƙasar ta shirya tunkarar manyan matsalolin duniya nan take. In da hali, ba wani mai jin harsunan biyu asalin da fassararka ya duba, ba tare da ka gaya masa abin da kake so ya gani ba. Kuma ka ajiye asalin Turancin kowace jimla a bayanin ƙasan saƙo. Instagram yana ba da gurbin haruffa 2,200, ya ishi jimloli 6.

Layin suna

Layin da yake ƙarƙashin magana yana amsa tambayoyi huɗu: wa ya faɗa, yana wane matsayi a lokacin, a ina, yaushe. Ga namu:

Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaministan Najeriya
Jawabin ranar 'yancin kai, Legas, 1 ga Oktoba 1960
Fassara daga Turanci

Wannan layin zai hau kowane kati, ba na farko kaɗai ba. Shi ne kamar shaidar da makiyayi yake yi wa dabbarsa: duk kasuwar da ta ɓulla, an san garken da ta fito. Ka sa shi kusa da maganar, ba can ƙasan gefe ba, domin mai ɗaukar hoton allo yakan datse gefuna.

Kowane ɓangare na layin yana da ramin da ake faɗawa. Muƙami: Tafawa Ɓalewa bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, Firaminista ne tun 1957 har aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Nnamdi Azikiwe ne ya zama Gwamna Janar a Nuwamban 1960, sannan shugaban ƙasa a 1963. Ga mutanen da suke raye kuwa, muƙamin ranar jawabin ake sawa. Wanda ya yi magana yana gwamna, yau kuma yana sanata, sai ka rubuta "gwamna a lokacin", don kada a ɗauka jiya ya faɗa daga sabuwar kujerarsa.

Wuri: filin da aka yi bikin yau ana kiransa Dandalin Tafawa Ɓalewa, amma a 1960 filin sukuwa ne. Idan ka rubuta sunan yanzu, ka sa mutum yana jawabi a dandalin da aka raɗa wa sunansa bayan rasuwarsa. "Legas" kaɗai ta isa a kati.

Rana: mako guda bai cika ba, ranar 7 ga Oktoban 1960, ya sake yin wani jawabin a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, lokacin da aka karɓi Najeriya a matsayin ƙasa ta 99. Jawabai biyu ne, kowanne yana taɓo matsayin Najeriya a duniya, kuma ana yawan cakuɗa su. Duk jimlar da ka ga an jingina masa, ka nemo ta da idonka a cikin rubutun jawabin da ka sa wa suna. In ba ta ciki, ba ta hawa.

Akwai kuma maganar da mai jawabi ya aro. A jawabin rantsar da shi na 29 ga Mayun 2015, Muhammadu Buhari ya karanto wasu baitoci na Shakespeare, kuma ya faɗi inda ya ɗauko su. Wanda ya yanki baitocin ya sa sunan Buhari kaɗai a ƙasa ya yi kuskure, ko da kuwa daga bakinsa aka ji su. Daidai shi ne a rubuta sunan mai asalin maganar, a ƙara "kamar yadda Buhari ya kawo a jawabinsa". Haka abin yake ga wa'azi da lacca, inda ya fi haɗari: malami ya kawo aya ko hadisi ko maganar wani magabaci, mai haɗa kati ya sa sunan malamin a ƙasa kamar shi ya ƙirƙira. Idan ba ka iya rarrabe inda nassi ya ƙare da inda sharhin malam ya fara ba, ka bar wannan gaɓar.

Wani lokacin ma mai jawabin bai faɗi cewa aro ya yi ba. A Satumban 2016, wajen ƙaddamar da gangamin Canji Ya Fara Daga Kaina, an gano wani sakin layi a jawabin Buhari ya yi daidai da na jawabin nasarar zaɓen Barack Obama na 2008, har fadar shugaban ƙasa ta amsa kuskuren ta ɗora shi a kan wani ma'aikacin da ya rubuta. Darasin ga mai haɗa kati ƙarami ne amma mai amfani: jimlar da ta fi sauran jawabin sheƙi, ka kwafe ta da harshen asali, ka sa ta tsakanin alamar zance a akwatin binciken Google, ka ga ko wani ya riga shi.

Haɗa katunan

Buɗe Canva ko duk manhajar da ka saba da ita, ka zaɓi girman 1080 × 1350, wato tsaye, wanda ya fi cika allon waya. Haɗa kati ɗaya ya zama uwa: wurin magana, wurin layin suna, lambar kati a kusurwa kamar 3/8, da sunan shafinka ƙarami. Sauran duk kwafinsa ne, magana kawai kake canjawa. Lambar tana da aiki fiye da ado, domin ita take gaya wa wanda ya tsinci kati ɗaya cewa akwai saura.

Kafin ka zaɓi salon haruffa, gwada shi da ƙ, ɗ, ɓ da manyansu. Yawancin masu ƙyalƙyali ba su da haruffan nan masu lanƙwasa, sai manhajar ta aro su daga wani salon, ka ga Ɓ ta Ɓalewa ta fi sauran sunan siranta ko ta zauna a karkace, wani lokacin ma akwati ne zai fito a gurbinta. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su. Kada ka warware matsalar da cire lanƙwasa, domin a jawabin da yake ta ambaton ƙasa, "kasa" wata kalma ce daban.

Magana ta fi komai girma a katin, layin suna ya biyo ta, amma kada ya ƙanƙance har sai an zuƙo hoto kafin a karanta. Idan jimla ta haura kalmomi 35 zuwa 40, raba ta kati biyu a inda waƙafi yake, ka sa ɗigo uku a ƙarshen na farko da farkon na biyu. Ka yi hattara da ƙara wa wasu kalmomi kauri ko launi. Idan ka yi wa "iyayen gida" ja a jimlar nan ta godiya, ka yanke ta ke nan ba tare da almakashi ba. Alamar zancen wani kuwa maganarsa kaɗai take rufewa. Taken katin buɗewa da duk wani bayani naka su fito da salon haruffa daban, babu alamar, don kada a ɗauki muryarka a matsayin tasa. Taken ma ya zama bayani, kamar "Jimloli 6 daga jawabin Tafawa Ɓalewa na ranar 'yanci", ba hukunci irin "Abin da ya hango tun 1960" ba.

Hoto ma jingina ne. Hotunansa da suka fi yawo sun haɗa da na ziyarar da ya kai Amurka a Yulin 1961, inda ya gana da Shugaba Kennedy. Idan ka sa irin wannan a bayan maganar 1 ga Oktoba, mai kallo zai ɗauka a wurin ya faɗe ta. Ko ka samo hoton ranar, ko ka yi amfani da hoton fuskarsa kawai, ko ka rubuta shekarar hoton a gefe. A Wikimedia Commons kowane hoto yana da shafin da yake nuna mai shi da sharaɗin amfani da shi. Ka karanta, ka sa sunan mai hoton a katin rufewa. A wannan katin ne kuma za ka faɗi inda ka samo rubutun jawabin da wanda ya fassara, ka kuma ce zaɓaɓɓun jimloli ne, ba jawabin duka ba.

Dubawar ƙarshe da gyara

Fitar da katunan ka tura wa kanka a WhatsApp, ka buɗe su ɗaya-ɗaya ba a jere ba, kamar yadda baƙo zai ci karo da su. A kowanne ka tambayi kanka ko akwai "shi" ko "wannan" ko "su" da ba a san abin da suke nuni gare shi ba. Sannan ka ajiye rubutun jawabin a gefe, ka bi kowace jimla kalma bayan kalma. Ka fi sa ido a kan "ba" ta ƙarshen jimlar korewa, domin ita ce take yawan faɗuwa idan ana matse rubutu ya shiga kati, kuma lambobin shekara, inda 1960 take komawa 1966 da kuskuren yatsa ɗaya.

Idan kuskure ya fito bayan ka wallafa, ka san iyakar abin da za ka iya. Bayanin ƙasan saƙo yana gyaruwa, amma rubutun da yake cikin hoto ba ya gyaruwa, kuma ba a musanya hoton da wani a saƙon da ya riga ya hau. Instagram yana bari a goge kati ɗaya daga jerin. Idan kuskuren na harafi ne da bai taɓa ma'ana ba, gyara a bayanin ƙasa ya wadatar. Idan kuwa ya shafi suna, muƙami, rana ko ma'anar magana, goge katin, ko ka sauke saƙon duka idan kuskuren yana layin sunan da ya hau kowane kati. Sai ka sake ɗorawa da gyara, ka rubuta a layin farko na bayanin abin da ya canja, misali cewa a na farko an rubuta shugaban ƙasa, daidai shi ne Firaminista. Ka kuma tura gyararren katin zuwa zaurukan da ka san tsohon ya shiga, da ranar gyaran a jikinsa, don wanda yake riƙe da duka biyun ya san wanne ne na baya.